Abin da aka tattauna kan jadawalin gaggawa da muhimmanci

Ga abin da ya fito daga muhawarar 'yan zaurenmu na Abuja kan jadawalin nan mai gida huɗu na raba ayyuka bisa gaggawa da muhimmanci, wanda ake dangantawa da Eisenhower, tsohon shugaban Amurka.

1. An yarda kan rabon. Mai gaggawa da muhimmanci, yi yanzu. Mai muhimmanci marar gaggawa, sa masa rana. Mai gaggawa marar muhimmanci, miƙa wa wani. Sauran a ajiye su.

2. Gida na biyu, wato mai muhimmanci marar gaggawa, shi ne ya fi damunmu. Sabunta takardun mota ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai ranar da jami'an hanya suka tare ka a Nyanya, lokacin ya koma gida na ɗaya da tara a kai. Shawarar mafi yawa: a rubuta rana da awa, misali Talata ƙarfe 10, domin "wani lokaci" ba rana ba ce.

3. In ayyuka 8 cikin 10 suka faɗa gida na ɗaya, awon ne ya lalace. Ka tambayi kanka me zai faru in ka bar aikin har Juma'a.

4. An rabu kan miƙawa. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da wanda zai tura wa, kuma gaggawar oga takan zama tasa. Wasu suka ce ya nemi ogan ya zaɓi wanda za a fara. Wasu suka ce ba kowane ofis ke ɗaukar wannan tambayar ba.

5. Gaisuwar rasuwa da dubiya kuwa, kusan kowa ya ƙi a jefa su gida na huɗu.