Shin filin da ke tsakanin baitoci yana magana?

Bello Gidan Igwai: Ni dai na ce filin da matasa ka bari tsakanin baiti da baiti ɓarnar takarda ce. Waƙarmu ta kunne ce. Amsa-amo shi ka rufe baiti, ba farin wuri ba.

Malama Hadiza: Malam Bello, ga ƙwar biyar da tahamisi ka yi gaskiya. Babban amsa-amo na dawowa a ɗango na biyar, kunne ya san baiti ya cika ko da makaho ne ke saurare. Amma waƙar da ba ta da amsa-amo fa? Ga wata da ɗalibata ta kawo mini, da izininta:

Inna ta ɗora tukunya,
ta aike ni sayen gishiri,
na dawo da shi a hannu.

Tabarmi a ƙofar gida.

Farko ta rubuta ɗango huɗun a haɗe. Da na karanta, sai na ɗauki tabarmin kayan gida ne kawai, kamar tukunyar. Da ta raba, sai ido ya tsaya, kuma cikin tsayawar nan Inna ta rasu. Ba a faɗa ba. Hankali ya bar yarinya da gishirinta ya koma kan zaman makoki.

Nasiru: Wato kamar wurin amshi ke nan, inda 'yan amshi ke karɓa?

Malama Hadiza: A'a ɗana, amshi cika wurin yake da murya. Wannan barinsa ake yi babu kowa.

Bello Gidan Igwai: To in an rera ta a rediyo, ina filin ya tafi? Waƙoƙin Nana Asma'u da ka munka koye su wajen iyayenmu mata, ba wanda ya ga shafi.

Malama Hadiza: Mai karatu zai ja numfashi biyu a wurin maimakon ɗaya. In bai ja ba, rasuwar ta ɓace, wannan na yarda rauni ne.

Aminu Mabera: Malama, ni abin ya ƙi mini. Na raba waƙata kowane ɗango biyu, abokina ya ce bai ji shirun komai ba.

Malama Hadiza: Saboda ya saba da shi tun baiti na biyu, Aminu. Share filayen duka, ka karanta wa wani. Inda ma'ana ba ta canja ba, ado ne, bar shi a haɗe. Mayar da fili inda lokaci ya tsallaka, ko mai magana ya sauya, ko kana son saɓi-zarce, jimla ta rataya a ƙarshen baiti sai na gaba ya sauke ta. Ka kuma kula kada tsallen ya yi faɗi. Wanda bai san abin da tabarmi a ƙofa ke nufi ba, filin can bai gaya masa komai ba.

Bello Gidan Igwai: Ke nan tabarmin sunka yi aikin, ba filin ba.

Aminu Mabera: Amma Baba, tabarmin suna nan tun a rubutun farko, Malama kuma ba ta ga makoki ba.

Bello Gidan Igwai: A kawo yarinyar ranar Assabar ta karanta muna da baki, ban ganin takarda. In na ji rasuwar, mu sake magana.