Neman shawara: ana dannawa amma ba a tsayawa, taken ne ko bidiyon?

Abban Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka da shawara. Ina da tashar gyaran waya a YouTube, shekara biyu kenan, na fara ne bayan na bar wurin maigidana da muka samu saɓani, labarin da tsawo, ni nake ɗauka ni nake editin da daddare bayan na tashi aiki, ƙanena kuma shi yake haɗa min tamnel, wato hoton gaban bidiyo, don hannunsa ya fi nawa. Satin da ya wuce na ɗora bidiyon gyaran wayar da ta faɗa ruwa, minti 14, kwana huɗu ina fama da shi. Ranar farko CTR, wato kason masu dannawa cikin waɗanda aka nuna wa hoton, ya kai 9.4%, ban taɓa ganin haka ba a tashata, amma average view duration, wato matsakaicin lokacin kallo, minti 1 da sakan 10 kacal, rana ta uku kuma komai ya tsaya cak kamar an ɗauke wuta. A kwament har wani ya kira ni maƙaryaci. Wallahi ban yi ƙarya ba, wayar ta tashi. Me zan yi?

Malam Editin: Wa alaikumus salam. Ka faɗi komai har da rigimar maigidanka amma ba ka faɗi taken ba, kuma ba ka ce me ke jikin hoton ba. Su ne asalin maganar. Sannan ka shiga Studio ka buɗe Audience retention, mutum nawa cikin ɗari suka rage a sakan 30?

Abban Hanan: Taken shi ne "Na gyara wayar da ta faɗa ruwa cikin minti 5". Hoton kuma waya ce a cikin bokitin ruwa allonta a kunne, da kibiya ja. A sakan 30 saura 41%.

Malam Editin: To ai ga ciwon nan a fili. Kusan mutum 6 cikin 10 sun gudu kafin rabin minti, wannan ba gajiya da bidiyo ba ce don ba su ma kai ga gajiya ba, shigowa suka yi suka ga ba abin da aka kira su su gani ba ne. Taken naka alkawari uku ya ɗauka. Na ɗaya waya ta faɗa ruwa, na biyu an gyara ta, na uku a minti 5. Hoton ya ƙara na huɗu, cewa za a ga waya a cikin ruwa tana aiki. Yanzu faɗa min tsakani da Allah, a minti na nawa aka fara ganin wayar, a minti na nawa ta kunnu, kuma bokitin nan yana cikin bidiyon?

Abban Hanan: Da farko na yi sallama da godiya ga masu bibiyata, sai na nuna kayan aiki, wayar ta shigo wajen minti 2. Ta kunnu a 11:40. Bokitin babu shi, ƙanena ne ya ɗauki wata tsohuwar waya daga baya ya haɗa hoton. Amma Malam minti 5 ɗin gaskiya ne, wanke injin da burushi da sinadarin isofurofil bai wuce minti 5 ba, sauran duk jiran bushewa ne zuwa washegari, kuma ai jira ba aiki ba ne.

Malam Editin: A wurinka jira ba aiki ba ne. Wanda wayarsa ke jiƙe a hannunsa yanzu-yanzu, minti 5 a kunnensa na nufin nan da minti 5 zai kira matarsa. Kuma kafin ma ya danna, ga 14:00 a rubuce a kusurwar hoton ta ƙasa dama, tun daga nan take da bidiyo sun fara musu da juna.

Abin da ya faru shi ne mutum biyu sun yi aiki biyu a lokaci biyu. Kai ka ɗauki darasin gyara, ƙanenka ya tallata abin mamaki. Ni kafin in kunna kyamara takarda nake ɗauka, a samanta in rubuta taken, ƙasansa in zana hoton ko da zanen 'yan firamare ne, sai jimla ɗaya tak: wanda ya danna, me yake jiran ya gani. Sannan in fara sikirif, kuma duk kalmar da ke cikin taken sai na rubuta lokacin da zan biya ta a gefen takarda. Kalmar da na rasa inda zan biya ta, ko ta fita daga taken ko in ƙara abin da zan ɗauka, babu ta uku.

A naka da haka zai kasance. Take: "Waya ta faɗa ruwa ta mutu, ga yadda na tashe ta". Hoto: injin a buɗe an matso kusa, ana ganin farin tsatsan nan da ke taruwa a kan konekta, kalma biyu ko uku kawai a kai, kuma ba maimaita taken ba, misali "kar ka caja". Sikirif: sakan 5 na farko wannan hoton dai shi ne a allo, hannunka na danna madannin kunnawa wayar ta ƙi. Kafin sakan 20 ka ce wankin minti 5 ne amma bushewa sai gobe. Kafin minti 1 ka biya bashin "kar ka caja", ka faɗi dalili, cewa wuta da ruwa in sun haɗu a kan injin su ke kawo shot su kuma hanzarta tsatsa. Sallama da godiya su koma ƙarshe. Ka ga hoton tamnel ya shiga jerin abubuwan da za ka ɗauka tun wayar tana buɗe a gabanka, ba sai an rufe ta an ba mai ita a fara neman bokiti ba.

Maman Sadiq: Ni dai wannan magana ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ɗinki nake koyarwa, na ba wani yaro aikin tamnel wata uku, ashe ko sau ɗaya bai taɓa kallon bidiyon ba, taken kawai nake tura masa sai ya nemo hoton riga mai kyau a intanet ya manna. Mata suka yi ta tambaya ina rigar da ke hoton, ni ban ma lura ba sai da ƙanwata ta nuna min. Da na yi masa magana wai ai kowa haka yake yi, har yau bai turo min fayil ɗin ayyukana ba, kuma ya daina ɗaga wayata.

Dogo 99: Da wane af ƙanen naka yake haɗa hoton? Nawa kullum dishi-dishi yake fita.

Malam Editin: Ɗan'uwa ba af ba ne, girman ne, ka yi shi 1280x720. Mu koma kan magana.

Sarkin Kilik: Malam da girmamawa amma ban yarda ba. Mutum ya samu 9.4% kana ce masa ya canza? YouTube da kansu sun ce rabin tashoshi tsakanin 2% da 10% suke, wato yana can sama. Taken da ka ba shi salam yake, ba gishiri, ba wanda zai tsaya a kai. Abban Hanan kar ka taɓa take ko hoto, in ka canza bayan ka ɗora algoridim sai ya ɗauke shi sabon bidiyo ya koma sifili. Ka shiga Editor a Studio ka yanke minti biyun farkon kawai, shi kenan.

Malam Editin: Yanke farkon shawara ce mai kyau, na yarda, tunda ba a iya musanya fayil ɗin bidiyo amma ana iya datse shi. Zancen komawa sifili kuwa babu shi, ana canza take da hoto kullum, kallo da kwament duk suna nan. Sannan 9.4% na ranar farko kar ya ruɗe ku, a ranar yawanci masu bibiyarsa ne ake nuna wa, da an faɗaɗa zuwa baƙi dama sauka yake yi. Kuma ko ya yanke minti biyu, bokiti ba zai fito a bidiyon ba, minti 5 ba za su zama gaskiya ba. Duba ma Test & Compare ɗin da suka kawo, ana sa hoto har uku, amma wanda ya ci ba da yawan dannawa ake zaɓarsa ba, da kason lokacin kallo ne. Su da kansu sun nuna maka abin da suke aunawa.

Sarkin Kilik: To in haka ne me ya sa manyan tashoshi suke sa hoton da ba ya cikin bidiyo kuma suna cin miliyoyi?

Hajiya Binta K.: Saboda abin da hoton ya faɗa yana faruwa a ciki ko da hoton kansa haɗawa aka yi. Ni ban kai Malam tsauri ba, ba dole sai hoton ya fito daga bidiyon ba. Inda na tsaya kawai, kar hoton ya faɗi abin da bai faru ba, kuma waya a kunne cikin ruwa bai faru ba. Amma Malam akwai inda tsarinka ke da matsala ga mai gyara. Ranar da aka kawo masa wayar bai san za ta tashi ko ba za ta tashi ba, ta yaya zai rubuta "na tashe ta" kafin ya buɗe?

Malam Editin: Take biyu zai rubuta Hajiya, na in ta tashi da na in ta ƙi, ya ɗauki hoton da zai yi wa kowanne.

Hajiya Binta K.: In kuma ta tashi amma allon ya mutu fa, ko ta tashi ta sake mutuwa bayan kwana uku? Take nawa zai rubuta kenan. Ni a ganina irin wannan aikin tambaya ta fi dacewa da shi, "za ta tashi kuwa?", don ita ce kaɗai alkawarin da ya tabbata zai iya cikawa.

Abban Hanan: Na gode duka. Amma ku fahimce ni, sallama da godiyar nan ba zan iya kai su ƙarshe ba, mutanen da suka riƙe ni tun ina da mabiya 200 sun saba, wasu har sunansu nake kira. Kuma batun rubuta sikirif gaskiya ni ba na rubutawa, kwastoma yana tsaye a kaina ba zan ce ya jira in yi zane ba. Shi ma ƙanena in na cire hotonsa zai ji ba daɗi, kyauta yake min.

Malam Editin: Ba littafi na ce ka rubuta ba, layi huɗu ne a bayan takarda. Kuma ƙanenka ba cire shi za ka yi ba, kira shi za ka yi kafin a ɗauka maimakon bayan an gama.

Abban Hanan: Makaranta yake zuwa da rana. Yanzu dai na cire "cikin minti 5" na sa "cikin sauƙi", hoton na bar shi tukuna in ga kwana biyu.

Sarkin Kilik: Ka ɓata shi wallahi.

Maman Sadiq: Don Allah ƙanen naka yana karɓar aikin waje?