Wasiƙar bankwana daga Malam Lissafi, a amsa da baiti

Malam Lissafi:
Salamu alaikum 'yan sitaf rum. To takarda dai ta fito, ƙarshen zangon nan zan ajiye alli, shekara 35 ta cika. Na san in na miƙe ranar walima murya ƙin fita za ta yi shi ya sa na rubuto, mai amsawa ya amsa da baiti don Allah.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ya nuna min ranar gamawa,
Abokan aiki ina gaisuwa,
Ga 'yar wasiƙa ta bankwana.

Na gode Firinsifal da mataimakansa,
Da Baba mai gadi a kan bencinsa,
Da masinja da ƙararrawarsa,
Kowa da ranar da yai min rana.

Shekarar da ciwo ya kai ni ƙasa,
Malamin Fizik ya haɗa da nasa,
Ya ja min aji shida har ya ƙarasa,
Allah ya saka maka ɗan'uwana.

Rajista da dayari na cike su duka,
Makin gwaji na shigar, ku duba,
Wanda na ɓata wa rai ya yafe,
Ni ma na yafe har zuciyana.

Allah ya ba ku ƙarin girma,
Albashi kan kari ba jan rai ma,
Ku gama lafiya kamar ni ma,
Aji biyar dai na bar muku amana.

Anti Turanci:
Innalillahi Malam da gaske?? ni wallahi na ɗauka canjin makaranta aka yi maka

Malam ina za a kai ka kuma?
In ƙauye ne sai mu je mu yi magana,
Mu roƙi ofis su bar mana kai,
Wa zai raba mu faɗan adashi a wata?

Malamin Fizik:
Anti ritaya ce ba taransifa ba, ki sake karantawa. Yaya, ni kuma ga tawa

Yaya ka daina batun biya,
Kai ka koya min riƙon aji tun jiya,
Amma tsaya, ai an canza doka,
Tun 2022 Buhari ya sa hannu, ka tuna?

Malami sai ya kai shekara 65,
Ko ya yi 40 yana kan aikin,
Ka rubuta takarda ka ƙara biyar,
Me kake sauri ka bar mu da yaran?

Tsohon Hedimasta:
Ɗana ka faɗi rabi ka bar rabi. Dokar gaskiya ce, amma ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita lokaci ɗaya ba, kuma ba dole ake wa mutum ba, wanda ya gaji ya tafi abinsa. Malam ƙanena barka da sauke kaya, ni da na riga ka fita ga abin da zan ce

Barka da shan ruwa ƙanena,
Ka saurari wanda ya riga ka gani,
Fayil ɗinka shi ne gonarka yanzu,
Ka bi shi da kanka, kar ka aiki wani.

Takardar ɗauka ta ranar farko,
Da ta tabbatarwa, ka nemo su yau,
Da ƙarin girma na can ƙarshe,
Da shaidar albashi, ka adana da kyau.

Ka duba shekarar haihuwarka,
Ta fayil da ta banki da katin ɗan ƙasa,
In ɗaya ta saɓa ko da wata ne,
Garatuti zai kwanta, kai ta bin sa.

Nawa abin da ya riƙe shi suna ne kawai, a fayil an rubuta Muhammadu a banki Muhammad, sai da na je kotu na yi rantsuwa na kawo takarda sannan fayil ya motsa daga teburin da ya kwana, alhali tun ina cikin aiki da na gyara da ba a yi haka ba. Kowace takarda ka yi mata hoto uku, ta asali kuma kar ka bar ta a hannun kowa.

Sabuwar Malama:
Baba Malam ni aka ce zan karɓi aji biyar ɗin kuma wallahi gabana faɗuwa yake

Baba ni ce aka ba wa ajin,
Ban fi shekara biyu da fara aiki ba,
Su saba'in ne, benci bai isa ba,
Ta ina zan fara ban sani ba.

Malam Lissafi:
Yaya Hedimasta na ji, gobe zan buɗe fayil. Fizik, gwiwa ta ƙi tsayuwar allo, a bar wa yara fili. 'Yata kwantar da hankalinki, ranar farko kar ki buɗe littafi, ki rubuta musu 1/2 + 1/3 a allo ki ba su minti biyar ki zaga kina leƙawa

Wanda ya rubuta 5/6 ki wuce,
Wannan ya iya, ba ya jan ki baya,
Wanda ya rubuta 2/5 ki tsaya,
Sama da sama ya tara, nan ne ciwon ya zauna.

Ki ba su 3 − 7 ki gani,
Masu cewa ba ya yiwuwa suna da yawa,
Ki ce kana da uku ana bin ka bakwai,
Take za su ce bashin huɗu, 'yan kasuwa ne yarana.

Sati biyu ki ba wa waɗannan,
Kafin ki taɓa aljabara ko kusurwa,
In ba haka ba Wayek na zuwa,
Za su haddace hanya su faɗi a tarawa.

Sannan akwai wata yarinya a layin baya wajen taga, duk abin da ta kwafa daga allo da kuskure amma in kika karanta mata da baki tana ci, ba daƙiƙiya ba ce ido ne, ki dawo da ita gaba ki kuma aika wa mahaifinta a kai ta a duba, ni na aika bai zo ba.

Mataimaki Na Karatu:
Malam Allah ya sa albarka, mun gode ƙwarai, amma wannan sati biyun fa ni za a tambaya

Malam shawararka da daɗin ji,
Amma manhaja ba ta jiran kowa,
Sufeto in ya zo dayari zai buɗe,
Ya ga sati biyu babu abin nunawa.

Zango sati goma sha uku ne a takarda,
Cire jarrabawa, cire bita da gwaji,
In ta koma aikin 'yan aji ɗaya,
Yaushe za ta gama na wannan aji?

Malam Lissafi:
Ranka ya daɗe mun sha wannan musun,
Kai kana kare dayari, ni ina kare yaro,
Dayari ya cika sakamako ya zo da F9,
Wa aka taɓa yaba wa a taro?

Malamin Fizik:
Hhhh ko ranar tafiya ba za ku bari ba. Ni dai ina bayan Yaya don su nake samu a ajina, yaro ya san dokar amma ya kasa raba lamba da rabi. Sai dai Mataimaki ma da gaskiyarsa, shi ake kira ofis ba mu ba. Me zai hana a ba ta minti goma na farkon kowane darasi?

Sabuwar Malama:
Minti goma cikin arba'in Malam,
Kiran suna kaɗai ya cinye biyar,
In da za a ba ni safiyar Asabar,
Amma rabinsu na kasuwa ranar.

Anti Turanci:
To na gane yanzu, Allah ya ba da hutu mai albarka Malam, ya sa fansho ya fito da wuri. Amma fa

Ka tafi lafiya mun yafe maka,
Kai ma ka yafe yawan surutunmu,
Sai dai ka yi kwasa tun watan jiya,
Zubi huɗu ya rage, a ina za mu same ka?

Mataimaki Na Karatu:
Maganar aji biyar mu zauna ranar Litinin bayan asambuli, Malam ka zo da makullin kabad da babban kamfas ɗin allo.