Melatonin mai miligiram 10 ya bar ni a kasale, wa ya gwada ƙaramin?

Abu Safwan: Assalamu alaikum. Tun goman ƙarshe na azumi barcina ya juye, daga tahajjud sai sahur, sai kwanciya bayan asuba. An yi wata biyu da sallah amma ko na kwanta ƙarfe 11 idona biyu har 3 na dare, ga aiki da safe. Wani abokina ya ba ni kwalbar melatonin mai miligiram 10, ina shan ɗaya da 11. Barcin yakan zo wajen 1, sai dai mafarkai barkatai, asuba ta wuce ni sau uku a mako guda, kaina kuma dingirigim har azahar. Daren da ban sha ba sai 3 ta dawo abinta. Yanzu yana cewa in riƙa shan biyu. Wanda ya taɓa sha ya ba mu labari don Allah.

Ɗan Kwari: Wa alaikumussalam. Kar ka ƙara, malam. Ni don tafiyar Chaina nake sha, tunda awa 7 suke gaba da mu, 10 na darensu 3 na rana ce a jikina. Zuwana na farko mai 10 na sha, washegari a gaban mai kaya ina ta hamma har lissafin yadi ya kuɓuce min. Yanzu mai 3 nake rabawa huɗu da reza, in sha ɓari ɗaya da 10 na darensu, kwana huɗu na daidaita. Dalili kuwa, in ka cika wa jiki na waje sai ya yi zuciya ya daina yin nasa.

Ummi Zee: Ku yi haƙuri, ba shi ne mai sa fata ta yi duhu ba? Ni shi ya sa nake tsoronsa.

Anti Bilki: Ummi, wancan melanin ne, sunan ne kawai ya yi kama. Alhaji Ɗan Kwari, rage yawan da ka yi daidai ne, amma dalilinka ban yarda da shi ba, don ba a nuna cewa jiki yana daina yin nasa ba. Harhaɗa magani ne aikina, bari in yi wa Abu Safwan lissafin nasa.

Melatonin ba ƙwayar da ke buge mutum ba ce. Wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ne yake sakinsa in duhu ya yi, kamar awa biyu kafin lokacin da ka saba barci, don ya sanar da jiki dare ya shiga. Abin da za ka sha ya kai jininka matakin da jiki ke kaiwa da kansa bai wuce miligiram 0.3 ba. A 2001 masu bincike a jami'ar MIT sun gwada wa 'yan sama da shekara 50 masu fama da rashin barci 0.1 da 0.3 da 3. Mai 0.3 ya gyara barcin, mai 3 kuwa ya sauke musu zafin jiki fiye da kima, kuma gari ya waye yana nan da yawa a jininsu.

To duba naka. Jiki yana kawar da rabin abin da ke jini cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Ka sha 10 da ƙarfe 11. Raba shi biyu-biyu: 5, sai 2.5, sai 1.25, sai 0.6, sai 0.3. Rabi biyar kenan, wajen awa huɗu zuwa biyar. Wato da 4 na dare kamar yanzu ka haɗiye abin da ya ishi jiki kake, shi ya sa ladan ke kira kana jin sa kamar a mafarki.

Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne, melatonin ɗin da ya shiga kafin jiki ya saki nasa yana jawo agogon jiki gaba, barci ya zo da wuri. Wanda ya kai ƙarshen dare da safiya kuma tura shi baya yake. Babbar ƙwaya tana taka wurin biyu, ta ja da dare ta tura da asuba, sai ka tsaya inda kake. An taɓa samun wani makaho a Amurka da agogon jikinsa ya ƙi daidaita da miligiram 20, aka mayar da shi 0.5 ya daidaita.

Abu Safwan: Ikon Allah. To Anti, ƙarfe nawa zan sha, tunda 11 nake son yin barci?

Anti Bilki: Nan kowa ke kuskure. Ba daga lokacin da kake so ake ƙirgawa ba, daga lokacin da barcin ke ɗaukar ka ba magani. Naka 3 ne, koma baya awa biyar zuwa shida, ka sha 0.5 tsakanin 9 da 10. Ba za ka ji wani barci nan take ba, kuma ba alamar bai yi aiki ba ce. Kwana uku ko huɗu in ka ga barcin ya dawo 2 da rabi, kai ma ka matso da shan da rabin awa. Rage fitilar ɗaki da waya bayan isha, da hantsi kuma ka fita rana ta taɓa ka, ko minti ashirin ne. In ka sha kar ka hau mashin ko ka ja mota. Mai 10 ba ya rabuwa zuwa 0.5, ka nemi mai 1 ka raba biyu.

Maman Ilham: Ni kam ƙaramin bai min komai ba. Mai 1 na sha mako biyu, ina kwance ina lissafin kuɗin makarantar yara har 2. Da na koma mai 5 dai na ɗan ji jikina ya yi laushi. Don haka ba kowa ba ne.

Ɗan Kwari: Hajiya naki ai ba agogo ba ne, aljihu ne.

Anti Bilki: Ya faɗa da wasa amma akwai gaskiya ciki. In damuwa ce ke hana barci, melatonin kaɗan yake taimakawa, babba ko ƙarami. Babban ya fi sa gyangyaɗi a take, wannan ban musa ba. Sannan ba lallai abin da aka rubuta a kwalba ne a ciki ba. A Amurka ba a matsayin magani ake sayar da shi ba, a Birtaniya kuwa sai da takardar likita. A 2017 an auna kala 31 a Kanada, aka samu wani ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta, wani ya ninka fiye da sau biyar. Mai yiwuwa naki mai 1 kusan fanko ne, mai yiwuwa kuma ba matsalarki ba ce kawai.

Baba Malam: 'Yata, ni shekarata 67. Barcin farko ba na wahala da shi, ƙarfe 2 nake farkawa shi kenan sai asuba. Ɗana ya aiko min mai miligiram 2 daga Landan, in raba shi huɗun ni ma?

Anti Bilki: A'a Baba, kar ku raba. Mai 2 na can yawanci mai narkewa a hankali ne, an yi shi don 'yan 55 zuwa sama, ɗungurungum ake haɗiye shi bayan abinci, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya. Amma me ke tashin ku da 2 ɗin, fitsari ne ko haka kawai? Kuma in kuna shan maganin tsinka jini irin wafarin, sai likitanku ya sani tukuna.

Baba Malam: Fitsarin ne wani lokaci, wani lokaci kuma haka kawai. Zan kai wa likita kwalin ranar Litinin in sha Allah.

Abu Safwan: Na dawo da rahoto, yau kwana 16. Rabin mai 1 nake sha, na fara da 9 da rabi, yanzu ina 8. Kwana ukun farko kamar na sha ruwa, har na so komawa kan tsohon. Yanzu barci na ɗauka ta wajen 12 da rabi, asuba ba ta ƙara wuce ni ba. Sai dai daren Juma'a na zauna kallon ƙwallo, washegari sai 2 na yi barci. Anti, in na kai 11 ɗin, dainawa zan yi gaba ɗaya ko in ci gaba?