Inshorar shagon hatsi: abin da aka tsayar a kan karanta jadawali

A zaman da masu shagunan hatsi suka yi a kasuwar Gujungu, masana inshora sun ce a taƙaita jadawalin, wato takardar da ke ɗauke da sharuɗɗan inshorar, a warƙa ɗaya, gida huɗu.

Gidan farko, irin asarar da inshora za ta biya. Gobara daban, ambaliya daban. In ba a rubuta ambaliya ƙarara ba, ruwan damina ya jiƙa buhuna, ba ko sisi. Na biyu, abin da aka cire: yawanci ɓarnar ƙwari da ɓeraye, da satar da ba a fasa ƙofa ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne gida na uku, kason asarar da mai shago zai ɗauka da kansa. A ce jadawali ya rubuta kashi 10 cikin ɗari ko naira 100,000, wanda ya fi yawa. Gero na 600,000 ya ƙone: kashi 10 ya kama 60,000 kawai, don haka 100,000 za a cire, a biya 500,000. Asarar 80,000 kuwa, kada ma ka wahalar da kanka.

Na huɗu, wa'adin sanar da kamfanin inshora asara, a kwafe shi yadda yake, da lambar takardar. A sanar a rubuce ranar da abin ya faru. Faɗa wa wakili da baki ba hujja ba ce.