Shagon bakin titi ko na cikin lungu: wanne zan kama?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da jarin naira miliyan 2, ina son buɗe shagon kayan masarufi a Hotoro, nan Kano. Dillali ya nuna min shaguna biyu. Ɗaya a bakin kwalta kusa da inda 'yan adaidaita sahu ke sauke mutane, haya dubu 600 a shekara, amma akwai shagunan tireda uku a layin. Ɗayan a cikin lungu daura da wata Islamiyya, dubu 240, shago ɗaya ne kawai a kusa, na wani dattijo. Dillalin yana ta matsa min wai wasu na so. Ban taɓa yin kasuwanci ba, ku taimaka min da shawara.

Ɗan Kwari: Wa'alaikumus salam. Kama na bakin titi kawai, kada shaguna ukun nan su tsorata ka. Inda ka ga 'yan kasuwa sun taru, to akwai ciniki a wurin. Mu a Kantin Kwari shago na jikin shago, duk atamfa da shadda muke sayarwa, kuma kowa na cin rabonsa. Lungu kuwa sai ka wuni kana korar ƙuda.

Mai shagon kwana: Ɗan Kwari, maganarka gaskiya ce a kan atamfa, amma ba ta hau kan sukari ba. Mace za ta hau mota tun daga Wudil ta zo Kwari don ta zaga shago goma ta zaɓi zanen da ya yi mata, shi ya sa taruwarku ke jawo muku mutane. Babu wanda zai zaga shago goma a kan ashana da magi. Shagon da ya fi kusa da ƙofar gida shi ke samun kuɗin. A sana'armu duk shagon da ya ƙaru a layi, tuwon nan guda ake ƙara rabawa.

Ƙanena, shekarata goma sha ɗaya a wannan harka, kuma abin da zan fara ce maka shi ne ka daina kallon hayar a shekara, ka sauko da ita zuwa kwana. Dillali zai karɓi la'adarsa, yawanci kashi 10 cikin ɗari, don haka na titi ya zama dubu 660, na lungu dubu 264. Raba kowanne gida 365. Na titi yana cin kusan naira 1,800 kullum, na lungu kusan 720, ko ka buɗe ko kana kwance da zazzaɓi. Kuma ba daga ciniki ake biyan haya ba, daga riba ake biya. Ni a shagona idan na haɗa masu tsoka da marasa tsoka, abin da ke saura bai cika wuce naira 10 a cikin ɗari ba. Katan ɗin taliya da buhun shinkafa ribarsu siririya ce, ƙulle-ƙulle da fiyawata mai sanyi ne ke ɗan ɗaga ta. A wannan lissafi, sai ka yi cinikin dubu 18 a titi kafin ka gama yi wa mai shago aiki, a lungu kuma dubu 7 da ɗari biyu.

To amma lura da wani abu. Tazarar da ke tsakani cinikin kusan dubu 11 ce a rana. Idan mutum ɗaya yana kashe naira 700, mutum goma sha shida ke nan. Ba wani abin tashin hankali ba ne idan titin na da masu saye da gaske. Wato tsadar hayar kaɗai ba ta isa ta kore ka ba. Inda take cizo shi ne wajen jari. Ka cire dubu 200 na kanta, teburi, fenti da kwado. A titi za ka shiga kasuwar Singa sari da miliyan 1 da dubu 140, a lungu da sama da miliyan ɗaya da rabi. Maƙwabtan nan uku shagunansu cike suke har rufi, wataƙila ma 'yan sari na ba su kaya bashi. Kai kuma kanta rabi fanko. Mutum ya tambaye ka abu sau biyu ka ce babu, ba zai zo na uku ba.

Kafin ka ba da ko sisi na kafin alƙalami, je ka zauna ka ƙirga. Nemi benci wajen mai shayi, ka ɗauki takarda. Ƙarfe bakwai zuwa takwas na safe, bayan la'asar, sai kuma tsakanin magariba da isha'i, wanda shi ne lokacin da cinikin unguwa ke tashi. Ka yi layi biyu: masu wucewa, da waɗanda suka shiga shago suka fito da leda a hannu. Layi na biyun shi ne naka. Ka yi haka kwana uku a kowane wuri, ka sa Juma'a ko Lahadi a ciki.

Maman 'yan biyu: Ni ba 'yar kasuwa ba ce, mai saye ce, amma bari in faɗa maka abin da maza ba sa gani. Yawancin cefanen gida yara muke aika, kuma ba uwar da za ta tura ɗan shekara bakwai ya tsallaka kwalta don omon naira ɗari. Ko da shagon titi ya fi araha, na lungu muke aikawa. Sai dai kada ka ɗauka dattijon nan ne kaɗai abokin gasarka. A layinmu gida huɗu ake sayar da man gyaɗa, magi, gishiri da garin kwaki daga cikin ɗaki, babu allo babu komai. Tsayar da yaro biyu ko uku ka ce, in an aike ku sayen mai ina kuke zuwa? Su za su nuna maka shagunan da ba su da ƙofa a waje.

Na Kurna: Da ni ne da miliyan biyu wallahi ba zan ba mai shago ba. Ka cika kuɗi ka sayi adaidaita ko da na hannu ne, ka ba yaro yana kawo maka balas kullum.

Mai shagon kwana: Malam, shago ya tambaya.

Hajiya mai kayan kicin: Ɗana, ni abin da ya ci ni zan ba ka labari. Na kama shago a bakin hanya, na yi masa tayil da silin da kuɗina, na ja wuta, shekara guda ina tara mutane. Da mai shagon ya ga mata na cika ƙofa, lokacin sabuntawa ya ninka hayar. Na ce a yi haƙuri, ya ce dama ɗansa na son wurin. Wata biyu da fitata yaron ya zuba irin kayana sak, a kan tayil ɗina. Ba mu rubuta komai ba, da baki muka yi, wai ai mutunci ne.

Don haka kowanne ka zaɓa, ka ga mai shagon ido da ido, ba dillali kaɗai ba. A rubuta shekara nawa, nawa za a iya ƙarawa, wa'adin wata nawa za a ba ka idan ana son wurin, da kuma wa ke da gyaran da ka yi. A sa shaidu, in da hali mai unguwa ya sani. Sannan ka tambayi maƙwabta wa ya tashi daga shagon, me ya tashe shi. Idan aka lissafa maka mutum uku a shekara biyu, ka ɗauki takalminka. Zancen wasu na so kuwa, duk dillali haka yake cewa.

Ɗan Kwari: Na yarda da batun rubutu, amma ba wanda ya yi maganar bashi. A titi baƙo ne, ya biya ya wuce. A lungu kowa ya san ka, wannan surukin abokinka ne, wancan limamin layi ne, sai ƙarshen wata. Na san wanda littafin bashi ya cinye masa jari cikin wata shida, kanta ta koma ta kwalayen banza.

Mai shagon kwana: Nan kam ka yi gaskiya, kuma ba ni da maganinsa gaba ɗaya. Ni dokata ita ce bashin da ke waje kada ya wuce cinikin kwana biyu, kuma wanda bai biya na jiya ba ba ya ɗaukar na yau. An yi fushi da ni, wasu har yau ba ma gaisawa sosai.

Na manta abu biyu game da na titin. Duba wane hannu yake. Da safe mutum sauri yake yi, ba ya tsayawa; da yamma ne yake sayen biredi da madara ya shiga gida. Idan shagon na hannun da ake hawa abin hawa ne, ba hannun da ake sauka ba, rabin taron nan ba naka ba ne. Kuma ka dubi gindin bango da kwalbatin gabansa. Idan ka ga zanen laka ya hau bango kamu guda, ruwan Agusta yana shiga, kuma buhun sukari da na fulawa a ƙasa suke zama. Ƙofar da ke kallon yamma ma matsala ce, rana za ta dafa maka alewa da man shafawa tun daga azahar.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi kwana uku ina zama kamar yadda Yaya mai shagon kwana ya ce. Tsakanin magariba da isha'i, a titi mutum wajen 400 ke wucewa, amma waɗanda suka shiga shagunan uku gaba ɗaya ba su wuce 38 ba, kuma fiye da rabi shago ɗaya suke shiga, mai firiza da sola. A lungu mutum 90 da 'yan kai ne, 27 suka tsaya wajen dattijon, yawanci yara. Shi kuma yana rufewa da an kira isha'i, kuma sau huɗu na ji ya ce babu. Shagon titin a hannun sauka yake. Na lungun ba alamar ruwa.

Mai shagon kwana: Madalla, yanzu muna magana da hujja. A titi kai ne na huɗu, ko an yi rabon adalci mutum tara ko goma ne naka a wannan awar, kuma ba za a yi adalcin ba tunda mai firiza ya riga ya kama wurin. A lungu ku biyu ne, kusan goma sha uku, ga wanda ke kulle da wuri kuma kayansa ba su cika ba. Da jarinka, ni lungun zan kama, rarar kuɗin in sa firiza. Rubuta abubuwa huɗun nan da ya ce babu, su ne farkon sarinka. Sai dai ka tuna Islamiyya na hutu, ka tambaya ko yaran na layin ne ko daga nesa suke zuwa.

Ɗan Kwari: Kun ƙirga kawuna, ba ku ƙirga aljihu ba. Magidanci ɗaya da ya sauka daga adaidaita zai iya kashe dubu 5, yaran nan ashirin da bakwai wataƙila ɗari bibbiyu ne a hannunsu. Ka koma ka ga girman ledar tukuna.

Maman 'yan biyu: Yaron ɗari biyun sau biyar ake aikensa a rana, Alhaji.

Mai neman shawara: To zan ƙara kwana biyu ina kallon leda. Dillalin ya kira ni sau uku yau, na ce masa sai ya haɗa ni da masu shagunan tukuna.