Gaban gida ko falo: wane hoto kuka fara sawa a tallar sayar da gida?

Maman Biyu: Jama'a, ina neman shawarar wanda ya taɓa yi. Za mu sayar da gidanmu mai ɗaki uku, na ɗauki hoto 34 da waya. Gaban gidan ba abin kallo ba ne, katanga ce da ƙofar gareji, amma falon yana da manyan tagogi biyu, haske har tsakar ɗaki. Maigidan ya ce gaban gida ne farko, ni na ce falo. Ku raba mana gardama.

Tsohon Dillali: Hajiya, a irin gidanki ke ce da gaskiya. Hoton farko shi ne wanda ake ƙanƙantawa a jera shi cikin na sauran gidaje, mai nema kuwa yatsa kawai yake ja. Katanga a ɗan hoto kamar akwatin ashana ba ta tsayar da kowa. Na taɓa riƙe gida irin wannan, ya yi mako biyu shiru. Na mayar da falo gaba, ban taɓa komai ba, aka fara kira. Amma gaban gidan ya zama na biyu, kada ki kai shi ƙarshe, don wanda bai gan shi da wuri ba zai ɗauka ɓoyewa ake yi. Daga nan ki bi gidan yadda baƙo zai bi shi da ƙafa: ƙofar shiga, kicin, babban ɗaki da banɗakinsa a jere, sauran ɗakuna, sannan filin da ke bayan gidan. In kina da zanen taswirar gidan, ki rufe da shi. Idan kika sa banɗaki tsakanin kicin da gareji, mai kallo ba zai san na wane ɗaki ba ne.

Autan Gida: Ni dai a ganina a zuba duka 34 ɗin. Da muka sayar da na mahaifinmu, duk wanda ya kira tambayarsa ɗaya: ina hoton kicin? Mun cire shi ne don ya tsufa, sai mutane suka zaci ya fi haka lalacewa.

Tsohon Dillali: Ɗana, kicin ɗin da kuka cire ne ya cuce ku, ba ƙarancin hoto ba. Kowane ɗaki ya fito, wannan na yarda. Amma na tabbata a cikin 34 ɗin Hajiya akwai falo shida daga kusurwa kusan ɗaya. Falo biyu, kicin biyu, kowane ɗaki ɗaya, sai ki ga kin tsaya wajen 15 zuwa 18.

Maman Biyu: Baba, falo bakwai ne ma, kunya ta kama ni.

Injiniya: Ni ta ɓangaren mai saye na ɗanɗana. Na ga ɗaki a hoto kamar fili, na yi tafiyar awa biyu, na tarar gado ɗaya ya cinye shi. Da `0.5x` aka ɗauka, wato kyamarar waya mai ɗauko wuri da faɗi. Alamarsa ba ta ɓuya: ƙofar da ke gefen hoton ta yi faɗi fiye da kima, ƙafar tebur ta miƙe kamar an ja ta. Ranar ko ɗaki na biyu ban leƙa ba. Yaya, ki ware duk hoton da bango ya karkata, alamar an ɗaga wayar sama ko an sunkuyar da ita ke nan. Ki fifita na kwance a kan na tsaye, tunda na tsaye ne ake yanke wa sama da ƙasa.

Hajiya Kaka: Ni wurin mai wankin hoto na kai, ya yi mini manya masu sheƙi, har yau ba su koɗe ba.

Autan Gida: Kaka, ba na bango ake nufi ba, na talla ne.

Uwar Ɗaki: Ki buɗe kowanne ki faɗaɗa kafin ki tura. Nawa sai da ya kwana uku sannan ƙanwata ta nuna mini lambar motarmu a fili, ga hoton yara a bangon falo, ga ni kaina a madubin banɗaki riƙe da waya. Gaban gidan kuma ki sake ɗauka lokacin da rana take bayanki. In yana kallon gabas, da safe ke nan.

Maman Biyu: Yamma yake kallo, da safe na ɗauka, shi ya sa ya yi duhu ashe. Saura ɗaya: silin ɗin ƙaramin ɗaki yana da tabon yoyo. An gyara rufin bara, tabon ne ya rage. In sa?

Injiniya: Ki sa, ki rubuta a ƙasa cewa an gyara.

Tsohon Dillali: Ni fenti zan shafa in sake ɗauka, in faɗa wa mai saye da baki ranar da ya zo. Tabo a hoto ya fi girmansa a ido.

Injiniya: Baba, sabon fenti a sili ɗaya tak ya fi tabon tayar mini da hankali.